Takalmin Sallar Inna

Hausawa sun ce jiki magayi. Gaskiya ne, amma fa akwai jikin da ya daina gaya wa mai shi kome, kuma a kan irin wannan jiki nake so mu yi zance yau. Ni kaina da hannuna na sayo abin da ya kusa raba mahaifiyata da ƙafarta, don haka ba labarin ji-ta-ji-ta zan ba ku ba.

Mu mutanen Haɗeja ne, gidanmu ba shi da nisa da bakin kogi. Inna ta yi shekara 11 da ciwon sukari kafin abin nan ya faru. Tana shan maganinta, ta bar shayi mai zaƙi, mu kuwa muna tsammani iyakar abin ke nan. Da Babbar Sallah ta 2022 ta matso, sai na shiga kasuwa na sayo mata takalmi sau-ciki, baƙi, mai tsinin baki da ɗan ado na duwatsu a sama. Ban tafi da ita ba, lambar ƙafarta kawai na faɗa wa mai kanti. Da na kawo ta sa, na ce, "Inna, ya matse ki?" Ta ce, "Ko kaɗan, 'yar nan. Kamar don ni aka yi shi. Allah ya yi miki albarka." Na ji daɗi ƙwarai.

Ran Sallah ta tafi Idi da shi, ta tsaya kallon hawa, ta zaga gidajen dangi, ba ta cire shi sosai ba sai bayan la'asar. Kashegari ma haka. A rana ta huɗu ƙanwata tana shara sai ta ga ƙudaje sun taru a cikin takalmin. Ta kira ni. Muka ɗaga ƙafar Inna ta dama, sai ga miki a gefen ƙafa, daidai gindin ƙaramin yatsa, faɗinsa kamar ƙwayar gujiya, yana fid da ruwa. Ga shi an sa mata lalle na Sallah, ƙafar ta yi baƙi, shi ya sa ba wanda ya lura da wuri. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, Inna da kanta ta leƙa tana tambaya, "Ƙafar wa ke nan? Ni ban ji kome ba."

Muka kai ta asibiti ran nan. Bayan an wanke mikin an ɗaure, malamar asibiti ta ɗauko wani ɗan siririn zare na roba mai kama da gashin jelar doki. Ta ce Inna ta rufe ido, ta dinga dangwala shi a tafin ƙafa har ya lanƙwashe, a ƙarƙashin babban yatsa, da gindinsa, da gindin ƙaramin yatsa. An yi zaren nan ne yadda zai lanƙwashe da nauyin giram 10, ƙafa mai lafiya tana jinsa sarai. Inna ba ta ji ko ɗaya ba a ƙafar dama, a hagu ta ji wuri guda. Malamar ta juyo ta dube ni ta ce, "Daga yau kada ki ƙara tambayar Inna ko takalmi ya matse ta. Ba ƙarya take yi miki ba, ƙafar ce ta daina gaya mata. Idonki da hannunki su ne za su ji mata."

Ga dalilin, yadda aka bayyana mini. Sukari in ya daɗe da yawa cikin jini yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa, kuma yakan fara da mafi tsawo, watau na ƙafa. Da fari mutum yakan ji kamar tafiyar kiyashi, ko zugi da dare, daga baya sai shiru. Ba ji kaɗai ke tafiya ba. 'Yan tsokokin cikin ƙafa sukan raunana, yatsu su tanƙware su yi tozo a sama, ƙasusuwan gindin yatsu su turo ƙasa. Gumi ma yakan ragu, fata ta bushe ta yi faso. In kuma hanyoyin jini sun ƙuntata, ɗan ƙaramin miki sai ya ƙi warkewa. Ba kowane mai ciwon sukari ne ke kai wa nan ba, amma ba a sanin wanda ya kai sai an gwada, don haka ya kamata a duba ƙafarsa a asibiti ko da sau ɗaya a shekara.

Wani likita Bature, Dokta Paul Brand, shi ne ya yi fice wajen fahimtar da duniya wannan al'amari. Ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, ya zauna da kutare, ya gane cewa yawancin gyambon ƙafarsu ba cutar ce ke cin nama ba, rashin jin zafi ne ke sa su yi ta taka wuri ɗaya har ya fashe. Da ya koma Carville ta ƙasar Amirka a 1966, aka ga ashe maganar ɗaya ce ga masu ciwon sukari. Abin lura cikin bincikensa shi ne, ba sai an taka ƙusa ba. 'Yar matsa kaɗan, in ta yi ta maimaituwa a wuri guda, ta isa. Ku dubi bakin tsohuwar rijiya. Igiyar guga ba wuƙa ba ce, amma yau da gobe ta yi wa itacen kwari. Ni da ke, in takalmi ya fara cin mu, sai mu ɗingisa, ko mu cire shi mu riƙe a hannu. Inna kuwa ta yi ta tafiya tana gaishe-gaishe, ɗinki yana ta gugar ta.

Na ce ɗinki, domin da muka koma gida na zura hannu cikin takalmin nan na shafa. Daidai inda mikin yake, akwai inda aka haɗa fata biyu, ɗinkin ya yi tudu kamar kunyar gyaɗa. Da yatsana na ji shi nan da nan. Da na yi wannan shafawa a kanti, ta daƙiƙa biyar, da ba mu yi mako 11 muna zirga-zirgar wankin miki ba.

A cikin makonnin nan ba a bar ta ta sa takalmi a ƙafar ba sam. Ku riƙe wannan da kyau: takalmi, kome kyansa, ba ya warkar da mikin da ya riga ya buɗe. Mikin yana bukatar a ɗauke masa nauyi gaba ɗaya, da hutu, ko da irin abin da asibiti za su ɗaura wa ƙafar. Aikin takalmi tsaro ne, kafin miki ya zo da bayan ya tafi. Bayan ya tafin ma shi ya fi wuya, gama likitoci sun ƙididdige cewa cikin mutum 10 da irin wannan miki ya warke, wajen 4 yakan dawo musu kafin shekara ta zagayo. Fatar tabo ba ta da ƙwarin ta asali.

To, da mikin ya rufe sai muka shiga neman takalmi na gaskiya. Abin da muka fara yi awo ne, kuma kowace mace tana iya yinsa a tsakar gida. Muka jira yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura da yini, awon safe yakan yi ƙaranci. Muka shimfiɗa kwali a daɓe, Inna ta sa safa ta miƙe tsaye a kai, ba a zaune ba, don ƙafa tana baɗewa in nauyi ya hau ta. Ƙanwata ta riƙe fensir a tsaye cak ta zagaye kowace ƙafa. Muka yanke da almakashi muka auna da abin awon tela. Ƙafar dama santimita 24, ta hagu 24 da rabi, faɗin kowace a wajen gindin yatsu santimita 10.

Sai na ɗauko takalmin Sallah na tura kwalin ciki. Ya ƙi shiga sai da ya naɗe ta gefe biyu. Faɗin takalmin daga ciki santimita 8 da rabi ne. Watau ƙafar santimita 10 muka cusa cikin ramin 8 da rabi har kwana uku. Na zauna na yi shiru, Inna ce ma ta koma ba ni haƙuri.

Ƙa'idar da likitocin ƙafa suka yarda da ita ba ta da wuyar riƙewa. Tsawon takalmi daga ciki ya ɗara ƙafa da santimita 1 zuwa 2, kamar faɗin babban yatsan hannu. Faɗinsa ya yi daidai da wurin da ƙafa ta fi faɗi. Bakinsa kuma ya yi zurfin da yatsu za su motsa ba su taɓa rufin ba. Ana bin ƙafar da ta fi girma, ana kuma lissafi daga yatsan da ya fi tsawo, wanda ga wasu ba babban ba ne, mai bi masa ne. Saboda haka muka nemi wanda cikinsa ya kai santimita 26. Kada a ce tun da matsi ne abin tsoro bari a sayo ƙato. Takalmin da ya yi yawa ƙafa takan yi ta zamewa a ciki, gaba da baya, gugar nan ita ma tana tayar da bororo. Lamba kuwa kada ku dogara da ita, 40 ta wannan kamfani ba 40 ta wancan ba ce. Kwalin nan shi ne shaida, da shi na shiga kasuwa cikin jakata.

Abu na farko da na duba shi ne tsaro daga waje. Ku da kuka san ƙasarmu kun san abin da ƙafa ke gamuwa da shi. Da rani ga ƙarangiya da tsidau da ƙayar aduwa. A fadama ga kututturen shinkafa bayan yanka, ga tsinken kacala da aka sare. A tsakar gida ga ƙayar kurungu da ta tarwaɗa, tun da mu ba ma rabuwa da gyaran kifi. Da bazara kuma rairayi da siminti sukan yi zafin da za su toya tafin ƙafa, mai ita ba ta sani ba. Don haka takalmin ya rufe yatsu da dunduniya, ƙasansa ya yi kaurin da ƙaya ba za ta huda ba. Nakan kama shi da hannu biyu in lanƙwasa. In ya naɗe biyu kamar tabarma, ko ya murɗe kamar wanki, na ajiye shi. Nagari a wajen gindin yatsu kaɗai yake ɗan lanƙwasawa. Nakan matsa bayansa, inda ke riƙe dunduniya, in ji ya tsaya da ƙarfinsa. Tsinin dunduniya kada ya wuce inci guda, gama duk abin da ya ɗaga baya nauyi yake turawa kan gindin yatsu, inda gyambo ya fi fitowa. Sa'an nan ya zama mai igiya ko maɗauri, yadda za a sassauta in ƙafa ta kumbura, a ƙara ɗaurewa in ta saɓe.

Na san za ku ce ina silifas, wanda kowa ke sawa? Silifas yana da laifi uku. Ƙasansa ƙaya tana ratsa shi, hancinsa yana gugar tsakanin yatsu inda fata ta fi taushi da laima, kuma sai yatsu sun ƙanƙame shi kafin ya zauna, ga yatsun da ma sun riga sun tanƙware. Takalmin roba na zubi shi ma ba ya shan gumi, kuma sau da yawa akwai wani ɗan kaifi a ciki inda aka haɗa zubin.

Abu na biyu shi ne cikin takalmi, kuma nan ne ido ba ya da amfani, sai hannu. A zura hannu har ƙurya, a rufe ido, a shafa rufi da gefe biyu da ƙasa da baya. Ana neman tudun ɗinki, da ƙullin zare, da busasshen gam, da bakin 'yar takardar kamfani, da kan ƙusa, da inda shafi ya yamutse. Wurare huɗu ne ba a yarda da ɗinki a kansu ba ko kaɗan: gefen gindin babban yatsa, gefen gindin ƙarami, saman gaɓoɓin yatsu, da bayan dunduniya. Nan ne ƙashi ya fi kusa da fata. Takalmin ado kuwa a nan ake jera ɗinki da duwatsu, kowane dutse da ƙullinsa a ciki.

Na zaga kantuna ban sami na mata ko ɗaya da kwalin Inna ya kwanta a cikinsa ba tare da naɗewa ba. Daga ƙarshe kambas na maza na samu, mai faffaɗan baki, cikinsa sumul, shimfiɗarsa tana fita. Da na kawo, Inna ta dube shi ta ce, "Ke 'yar nan, ƙwallo za ki sa ni da tsufana?" Ta yi kwana biyu ba ta taɓa shi ba. Kada ku raina wannan. Mace ba ta son a yi mata dariya a gidan biki, kuma takalmin da ke ƙarƙashin gado ba ya tsare kowa. Wannan ya sa na tafi wurin wani tsohon baduku don a yi mata na fita unguwa.

Na kai masa kwalin da tsohon takalmin, na nuna masa inda ya ci ta. Na ce, "Baba, so nake a yi shafin da fatar akuya mai laushi, ƙyalle guda daga baki har gefe, haɗin ya koma can baya ta gefe, tudunsa ya dubi waje. Kada a sa ƙusa ko ɗaya." Ya jujjuya takalmin ya ce, "'Yata, wannan ai don ido aka yi shi, ba don ƙafa ba." Ya zagaye bakin nasa kamar ƙwarya, ya ba shi zurfi, ya sa maɗauri mai faɗi a gadon ƙafa. A ciki aka sa shimfiɗar soso mai kaurin kusan santimita 1, aka lulluɓe ta da fata. Soson nan ba na katifa ba ne, wanda ke mutuwa cikin kwana biyu. Irin mai ɗan tauri ne, wanda in ka danna da yatsa zai shiga ya kuma taso. Amfaninsa ya raba nauyi ga dukan tafin ƙafa maimakon ya taru a kan ƙashi biyu ko uku. Amma a lura, shimfiɗa tana cin wuri. In aka cusa ta cikin takalmin da ba shi da zurfi, sai ta ɗaga yatsu su dinga gugar rufi, an gudu ba a tsira ba. Shi ya sa tun farko ake ƙara zurfin.

Abu na uku shi ne gano wurin matsi kafin ya zama miki. Malamar asibiti ta koya mana wata dabara da jan-baki. Aka shafa shi a kan tabon Inna da kan tozon yatsunta, ta sa takalmin a hankali ba safa, ta taka sau goma a ɗaki, aka cire. Inda ja ya kama sosai a jikin shafi, nan takalmin ke taɓa ta. Sabon takalmin ya nuna ja a gefen ƙaramin yatsa na dama. Na mayar wa baduku, ya jiƙa wurin ya tura shi waje da wani dunƙulen itace ya bar shi kwana biyu. Muka sake gwadawa, ba ja.

A nan akwai kuskuren da na kusa yi. Tunanina na fari shi ne in liƙa auduga a ciki daidai wurin don ya yi taushi. Ashe wannan ƙara matsi ne, gama an ƙara kaya a wurin da ma ba fili. Wurin da ke matsi buɗa masa ake yi, ba cika shi ba. Haka kuma huda takalmi da reza, kamar yadda wasu ke yi wa ƙaramin yatsa taga, ba dabara ba ce. Bakin hudar yakan zama sabon kaifi, yatsan kuma ya fito fili ga tuntuɓe. In ƙafa ta riga ta karkace sosai, ko an taɓa yanke yatsa, to wannan ya wuce aikin kasuwa, sai a nemi likita ya tura ku inda ake yin takalmi da shimfiɗa bisa siffar ƙafar mutum.

Sabon takalmi, ko na baduku ko na kanti, ba a yini da shi ran farko. Inna ta sa nata awa ɗaya cikin gida, muka cire muka duba. Kashegari awa biyu, haka muka yi ta ƙarawa har mako biyu kafin ta fita da shi suna. Abin da ake dubawa shi ne sawun da takalmi ya bari. Littattafan likitoci sukan ce a nemi ja, amma a fatarmu ja ba ya fitowa sosai. Mu sai mu nemi inda ya fi duhu, ko ya yi ƙyalli, ko ya lotsa, mu kuma taɓa da bayan hannu mu ji ko ya fi wurinsa na ɗaya ƙafar ɗumi. Sawun da ya ɓace nan da nan ba kome. Wanda ya kai kamar minti 20 yana nan, takalmin yana cin ta, a ajiye shi sai an gyara. Saboda wannan dubawa Inna ta bar sa lalle a ƙafa, a hannu kaɗai take sawa.

Kanta ma manzo ce. Duk inda fata ta yi tauri a tafin ƙafa, nauyi ne ya yi yawa a wurin, kuma kantar kanta takan zama kamar tsakuwa a cikin takalmi. In kun ga baƙin ɗigo a tsakiyarta, jini ne ya kwanta a ƙarƙashi, miki yana kan hanya ko ya riga ya fara daga ciki. Kada a sa reza, kada a kira mai yankan farce, kada a shafa maganin cin kanta. A kai asibiti a fere ta, a kuma gyara shimfiɗar.

Safa ita ce shafi na biyu. Muna saya mata fara, domin ko ɗigon jini ko ruwa ya fito za a gani. Muna juya ta bai-bai, ɗinkin bakin yatsu ya koma waje. Wadda robar wuyanta ke barin zobe a ƙwauri ba ma sonta, haka wadda ta huje ko aka yi wa ƙulli. Kullum sabuwar wanki.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai lokacin da abin ke da wuya. A watan Afrilu, zafin Haɗeja ba ya barin mutum ya yini cikin rufaffen takalmi. A tsakar gida mun yarda mata da sandal mai kaurin ƙasa, mai faffaɗan maɗauri a sama da baya, marar hanci. Bai kai rufaffe tsaro ba, amma ya fi ƙafa tsirara nesa ba kusa ba. Ko daga ɗaki zuwa randa ba ta tafiya ba takalmi, kuma bayan alwala sai ta tsane tsakanin yatsu da ƙyalle kafin ta mayar da safa.

Sai kuma ruwa. A damina ta 2022, lokacin da ambaliya ta ci garuruwan Jigawa da yawa, mazan garinmu suna kwana a bakin jinga da buhunan ƙasa, mikin Inna bai gama rufewa ba. Ruwa ya kwanta a lungunmu har idon sawu. Ranar wankin miki sai yayana ya goya ta zuwa bakin titi. Ƙafa mai miki ba ta shiga ruwan nan ko da wane irin takalmi. Wanda ba shi da miki, in tilas ta sa, ya sa takalmin roba mai dogon wuya da safa, ya gama abin da zai yi da sauri, ya wanke ƙafa da ruwa mai tsabta da sabulu, ya tsane, ya duba. Jiƙaƙƙiyar fata ba ta da ƙarfi, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Takalmin fata in ya jiƙe a shanya shi a inuwa, kada a kai shi bakin murhu, in ba haka ba ya ƙandare ya zama wani takalmin dabam. Shi ya sa ake son guda biyu, yau wannan gobe wancan.

Yanzu aikin ya zama na 'yar ƙanwata, 'yar aji biyar. Kowace safiya kafin ta tafi makaranta takan kife takalmin kakarta ta kakkaɓe, ta zura hannu. Ta taɓa fito da tsakuwa, ta taɓa fito da murfin kwalba, wata rana kuwa ƙaramar kunama. Da dare ta haska tocila ta duba tafi da dunduniya da tsakanin yatsu. Wadda ba ta da mai duba mata ta ajiye madubi a ƙasa. Shimfiɗa in ta mutu, watau an danna ba ta taso ba, ko ƙasan takalmi ya cinye ta gefe guda, lokacin sauyi ya yi. In kuwa aka ga bororo, ko tsaga, ko kumburi, ko ɗumi a ƙafa ɗaya, ko wari, ko yatsa ya sake launi, ran nan ake tafiya asibiti, ba a jiran ranar kasuwa. Rashin zafi ba alamar sauƙi ba ne.

Ku 'yan makaranta, wannan aiki naku ne, idonku ya fi namu gani, kun kuma iya awo. In akwai mai ciwon sukari a gidanku, yau da yamma ku nemi kwali da fensir, ku zana ƙafarta, ku tura cikin takalmin da take sawa. In kwalin ya naɗe, ku nuna wa manya.

Takalmin Sallar nan yana nan ban yar ba. Duk wadda ta zo gidanmu ta ce za ta sayo wa tsohuwarta takalmi, nakan ɗauko shi in ce ta zura hannu ta shafa. Inna kuwa tana zuwa biki da suna da ƙafafunta biyu, kambas ɗin da ta ƙi ma yanzu shi ta fi so, in ƙawayenta sun tsokane ta sai ta ce ita ce mai tsaron gida.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wani makon.